Yadda Za Ka Gane Mai Saye na Bogi da Takardar Shaida ta Jabu Idan Kana Sayar da Tsofaffin Kaya a Intanet

Duk wanda ya taɓa ɗora hoton tsohuwar dalar azurfa, ko takobin kakansa, ko kwabo mai huji a Facebook ko Jiji ya san abin da ke biyo baya. Kafin la'asar saƙo ya shigo daga wata lambar ƙasar waje. Mai saƙon ya yaba kayan, ya ce ya daɗe yana neman irinsa, sannan ya taya da kuɗin da ko a mafarki ba ka sa rai ba. Daga nan sai maganar takarda ta taso: wai kafin ya biya, sai an samo shaidar cewa kayan na ainihi ne.

Mutane sukan ɗauki mai saye na bogi da takardar jabu a matsayin matsala biyu daban. A harkar tsofaffin kaya galibi hannu ɗaya ne ke juya su. Mai sayen ba kayanka yake so ba, kuɗin da za ka biya domin takardar yake hari, kuma mai ba da takardar shi ne dai, ko abokin cin mushensa. Matakan da ke ƙasa suna bin cinikin ne daga farko har ƙarshe, yadda za ka ga inda ake ɗana tarkon. Za mu yi tafiyar da misali guda: a ce kana da dalar azurfa ta Mariya Tereza guda uku da aka gada daga wata kaka, kana so ka sayar.

Mataki na 1: San abin da ke hannunka kafin ka ɗora hoto

Ɗan damfara ba ya iya yi wa wanda ya san farashin kayansa komai. Duk aikinsa ya rataya ne a kan ka yarda cewa abin da ke hannunka ya ninka darajarsa ta gaskiya sau ɗari.

Ɗauki dalar nan. A jikinta an rubuta 1780, kuma wannan shekarar ce ke ruɗin mutane, suna ganin tsabar ta haura shekara ɗari biyu da arba'in. To, 1780 ita ce shekarar da sarauniyar Ostiriya Mariya Tereza ta mutu, kuma tun daga lokacin duk wadda aka buga, shekarar nan ake sa mata. An buga miliyoyi ɗaruruwa a Biyana da Landan da Rum da Paris da Bombay da wasu wurare, saboda 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da yankinmu sun amince da azurfarta, har yau kuma gidan buga kuɗi na Ostiriya bai daina buga ta ba. Nauyinta giram 28 ne da ɗan ɗoriya, azurfarta kashi 833 cikin dubu, wato tsantsar azurfar da ke ciki kusan giram 23.4. Saboda haka lissafin mai sauƙi ne: ka tambayi farashin giram ɗaya na azurfa a ranar, ka ninka da 23.4, ka ɗan ƙara wani abu kaɗan. Galibin waɗanda ke hannun mutane iyakar kuɗinsu ke nan. Wadda aka huda ko aka yi wa kunne don ratayawa a wuya, kamar yadda iyayenmu mata suka saba, masu tara tsabar kuɗi ma rage mata daraja suke yi.

Haka labarin yake da kwabo mai huji na zamanin Turawa. Akwai na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga sarautar Ingila a watan Disamba na wannan shekara. Za ka ji ana cewa ai tunda bai cika shekara a kan mulki ba, kwabonsa dukiya ce. An buga su da yawa ƙwarai don ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma kuɗinsu a wurin masu tarawa bai taka kara ya karya ba.

Hanyar sanin farashi ita ce ka duba abin da aka sayar, ba abin da ake nema ba. A eBay ka rubuta sunan kayan, sannan ka latsa tacewar `Sold items`. Nan za ka ga kuɗin da mutane suka biya da gaske. Kowa na iya sa wa kwabo farashin miliyan ya zauna. Wannan ba ya nufin an taɓa saye. Ka kuma kai kayan wurin maƙerin azurfa ko tsohon dillali a kasuwa irin ta Kurmi, mutum biyu ko uku da ba su san juna ba, a auna a sikeli a gabanka.

Akwai abu na biyu da ya kamata ka sani a wannan mataki, kuma mutane da yawa ba su san da shi ba. A Nijeriya, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta ɗauki abin da aka tono daga ƙasa, da aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, da wanda aka yi amfani da shi a bukin gargajiya kuma yake da muhimmancin tarihi, a matsayin kayan tarihi. Irin wannan kaya ba a sayar da shi sai ga wakilin da hukumar ta amince da shi, ba a kuma fitar da shi waje sai da izininta. Mutum-mutumin yumɓu na Nok da na Sakkwato da na Katsina, da na Bura a Nijar, suna cikin jerin kayan da Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, wato ICOM, ta fitar a shekarar 2000 tana gargaɗin kada a saya. 'Yan damfara sun san wannan sarai. Sun fi son wanda ke riƙe da kayan da doka ta hana sayarwa, domin idan sun cuce shi ba zai iya zuwa wurin 'yan sanda ba. In kana shakkar matsayin takobi ko tsohuwar riga ko rubutun hannu da ke wurinka, ka je Gidan Makama a Kano, ko gidan tarihi na Kaduna ko na Jos, ka tambayi ma'aikata kafin ka tallata.

Mataki na 2: Karanta saƙon farko da idon dillali

Mai saye na gaskiya yana da fitina. Zai ce ka ɗauko hoton gefen tsabar yana so ya ga rubutun da ke zagaye da ita, ka ɗora ta a sikeli ka ɗauki hoto, ka kusanto da kyamara ƙarƙashin hoton sarauniyar ya ga haruffan `S.F.` Zai kushe, ya ce ta goge, ya ce an wanke ta da sinadari, ya taya ƙasa da abin da ka faɗa. Duk wannan alamar lafiya ce, domin mutumin da zai fitar da kuɗinsa ne ke tsoron a cuce shi.

Na bogi ba ya tambayar komai game da kayan. Saƙonsa yakan zo kamar haka: "Ranka ya daɗe, na ga kayanka, ina so. Ni ɗan kasuwa ne a Dubai, ina tara wa wani gidan tarihi. Zan biya dalar Amurka dubu takwas kan guda ukun." Lura da abin da babu a ciki. Bai ambaci sunan abin ba, "kayanka" kawai ya ce, saboda saƙo ɗaya ne ya tura wa mutum hamsin. Bai nemi ƙarin hoto ba. Ya taya sama da abin da ka nema, alhali tun da aka kafa kasuwa ba a taɓa jin mai saye ya ƙara wa kansa kuɗi ba. Sannan nan da nan zai ce ku koma WhatsApp ko Telegram, inda dandalin da kuka haɗu ba zai ga abin da ke gudana ba.

Gwaji biyu sun isa a nan. Na farko, ka yi masa tambayar da sai mai ilimin kayan zai amsa: wane bugu yake nema, na wane gari, me ya gani a hoton da ya sa ya taya haka? Zai kauce, ko ya kwafo maka dogon bayani na gama-gari. Na biyu, ka ce ku yi kiran bidiyo yanzu. Kullum yana cikin jirgi, ko a taro, ko kyamararsa ta lalace. Hoton da ya sa a shafinsa kuwa, ka saka shi a Google Lens. Sau da yawa za ka tarar hoton wani bawan Allah ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kada harshe ya ruɗe ka. Wasu na rubuta Hausa tsaf, da sallama da insha Allahu da komai, wasu ma su haɗa ka da "wakilinsu na Kano" da zai kira ka Alhaji yana rantsuwa.

Mataki na 3: Tsaya cak a lokacin da aka ambaci kuɗin takarda

Nan ne zuciyar damfarar. Bayan kun daidaita, mai sayen zai ce kamfaninsa ba ya sakin kuɗi sai da takardar tantancewa. Kai ba ka da ita, ba ka ma san inda ake samu ba. Sai ya taimake ka: "Kada ka damu, akwai ofishin da muke aiki da su, ga lambarsu." Ofishin na da shafin intanet mai kyau, da tambari, da hoton wani Bature sanye da farar riga. Su ce ka turo hotuna da naira dubu tamanin, takarda za ta fito cikin awa ashirin da huɗu. Kai kuma ka yi lissafi, mene ne dubu tamanin a gaban dala dubu takwas?

Takardar za ta fito kuwa, da hatimi mai ruwan zinariya. Sai mai sayen ya ce madalla, saura izinin fitar da kaya na UNESCO, wato hukumar raya ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, naira dubu ɗari da hamsin. Bayansa inshora. Bayanta wani "jami'in kwastan" ya kira ya ce an tsare kunshin, ko kuɗinka sun maƙale sai an biya harajin canji. Kowane biya ya fi na baya girma, kuma kowane ana ce maka shi ne na ƙarshe. Abin da ke riƙe mutum a ciki ba wauta ba ce, ciwon abin da ya riga ya zuba ne: ya biya dubu ɗari biyu da talatin, in ya tsaya yanzu sun tafi a banza. Su kuma da wannan ciwon suke aiki, ba sa tsayawa sai ranar da ka ce babu.

Ga abubuwan da za su tsare ka. UNESCO ba ta ba da takardar shaidar ingancin kaya, ba ta ba da izinin saye ko sayarwa ko fitarwa, ba ta kuma sa wa kaya farashi. A 2020 ta fito ta yi gargaɗi a fili cewa ana amfani da sunanta da tambarinta a takardun jabu don damfarar mutane da kayan tarihin Afirka. ICOM ma ta sha yin irin wannan gargaɗi: ba ta tantance kaya, ba ta ba da shaida. Saboda haka takardar da ke ɗauke da tambarin ɗayansu tana cewa kaya na ainihi ne, ba sai ka bincika ba, tambarin kansa ne shaidar jabu. Izinin fitar da kayan tarihi daga Nijeriya kuwa daga hukumar gidajen tarihi ta ƙasa yake fitowa, bayan ma'aikatanta sun ga kayan da idonsu, ba ta WhatsApp ba, kuma ba a tura kuɗinsa asusun wani mutum a OPay ko PalmPay.

Sai kuma ƙa'idar kasuwa. Mai saye ne ke da shakka, don haka shi ke biyan kuɗin gwaji, ko kuma a cire daga kuɗin kaya bayan an biya. Ka ce masa: "Na yarda a tantance. Ka biya su kai tsaye tunda ka san su, ko kuma ni in zaɓi mai tantancewa." Mai saye na gaskiya zai karɓi ɗaya daga ciki. Na bogi zai kawo dalilin da ya sa dole sai kai za ka biya, kuma dole sai ofishinsu. Da ka ji haka, ciniki ya ƙare.

Akwai wani salon da ya juya wannan. Mai saye na bogi ya ce yana neman tsohon keken ɗinki ko dutsen guga na gawayi ko wata tsohuwar tsaba, zai biya miliyoyi, wai akwai wani jan sinadari a ciki. Kwana biyu sai ga wani daban yana tallar daidai wannan abu, da takardarsa, a kan dubu ɗari biyar. Ka saya don ka sayar wa na farko, sai duka biyun su ɓace. Jita-jitar jan sinadarin nan ta taɓa tayar da farashin tsofaffin kekunan Singer a Saudiyya a 2009, kuma ba a taɓa samun komai a cikinsu ba.

Mataki na 4: Yadda ake duba takardar da aka miƙo maka

Wannan ya shafe ka ta fuska biyu. Wani lokaci kai ake turo wa takarda don a jawo ka, wani lokaci kuma kai ne dillalin da ke sayen kaya da takardarsa don ka sayar gaba. In takardar jabu ce ka miƙa wa wani, kai za a kama, ba wanda ya buga ta ba.

Fara da tambayar ko gwajin da aka ambata yana yiwuwa a kan irin wannan kaya. Gwajin kabon 14 na abin da ya taɓa rai ne: itace, fata, ƙashi, auduga, takarda. Ba ya faɗin shekarun azurfa ko tagulla ko dutse. Takardar da ta ce an yi wa dalar azurfa gwajin kabon ta tona wa kanta asiri. Yumɓun da aka gasa kuwa wani gwaji ake masa daban, wanda a takardu ake rubuta shi `TL`, yana auna tsawon lokacin da ya wuce tun ranar da wuta ta gasa yumɓun. Ba a yin sa da hoto. Dole a huda jikin kayan da ɗan siririn abin huji a ɗebi gari kaɗan, yawanci daga wuri fiye da ɗaya, a kai ɗakin gwaji. Sakamakon kuma ba ya zuwa da shekara guda tak, tazara yake bayarwa, kuskurensa na iya kai kashi ashirin cikin ɗari sama ko ƙasa. To, in an nuna maka tukunya ko mutum-mutumi da takardar `TL`, juya shi ka nemi ramin hujin. In babu, takardar ba tasa ba ce.

Ko ta gaskiya ce ma, tana da iyaka. Masu haɗa jabu sukan samo ɓaraguzan tsohon yumɓu su manna su da sabo, su shafe da ƙasa, sannan su nuna wa mai ɗibar samfur wurin da tsohon yake. Gwaji ya fito da shekara dubu biyu, alhali rabin abin bara aka yi shi. Shi ya sa manyan masu saye ke neman a ɗauki hoton cikin kayan da na'urar asibiti. Kuma takardar gwaji ba ta cewa komai game da halaccin mallaka. Abu na iya zama tsoho na gaske kuma na sata.

Bayan haka ka dubi jikin takardar. Ta gaskiya tana ɗauke da hoton wannan kaya takamaimai, da awonsa, da nauyinsa, da lahaninsa, da lamba, da sunan wanda ya sa hannu da adireshin da za a same shi. Ta jabu tana da yalwar ado da ƙarancin bayani: "tsohon kayan Afirka na ainihi, ɗari bisa ɗari." Auna kayan da kanka ka gwada da abin da aka rubuta. In takarda ta ce giram 28 sikeli ya nuna 24, ko maganaɗisu ya kama tsabar, magana ta ƙare, don azurfa ba ta bin maganaɗisu. Sai dai rashin kamawar ba ya wanke ta, tunda tagulla da aka shafa wa ruwan azurfa ma ba ta kamawa. Nauyi da faɗi su ne suka fi faɗin gaskiya. Wani abin lura shi ne takardar da ta haɗa shaidar inganci da farashi mai tsoratarwa a shafi ɗaya. Ɗakin gwaji shekaru yake aunawa, ba ya yi wa kaya kuɗi.

Abu mafi muhimmanci shi ne tabbatarwa daga tushe, ta hanyar da kai ka nemo. Kada ka kira lambar da ke jikin takardar, kada ka latsa mahaɗin da aka turo, kada ka ɗauki hoton lambar `QR` da ke kanta, duk suna kai ka gidan mai damfarar ne ya ce maka e, tamu ce. Ka rubuta sunan wurin da hannunka a Google, ka samo adireshinsu, ka tura musu hoton takardar da lambarta. Sanannun ɗakunan gwaji irin su Oxford Authentication a Ingila da CIRAM a Faransa suna ajiye bayanan rahoton da suka fitar, kuma daidai saboda sunansu ya yi nauyi ne ake kwaikwayon takardunsu. Tsabar kuɗi da ke cikin rufaffen gidan roba na kamfanin tantance tsabar kuɗi PCGS ko NGC tana da lamba, kuma kamfanonin biyu suna da wurin duba lamba a shafukansu. Nan ma a yi hattara: masu jabu na kwafar lambar gaske su manna wa tsabar ƙarya. Lambar za ta fito daidai, don haka in akwai hoto a shafin sai ka gwada shi da abin da ke hannunka, ƙarzuwa da ƙarzuwa, tabo da tabo.

Shafin "ofishin tantancewa" kuma ana iya duba shekarunsa. Shiga `lookup.icann.org`, rubuta adireshin shafin, ka ga ranar da aka yi masa rajista. Ofishin da ke cewa ya shekara arba'in yana aiki amma shafinsa watan jiya aka buɗe, ka san inda aka dosa. Ka kuma dubi abin da ke bayan alamar `@` a imel ɗinsu. Ma'aikacin UNESCO zai rubuto daga `unesco.org`, ba daga Gmail ba, ba kuma daga wani adireshi mai kama da shi da aka ƙara wa kalma ko aka sauya wa harafi ba.

Mataki na 5: Kuɗi sai ka gan su a cikin asusunka

A ce mai sayen bai bi ta hanyar takarda ba, ya ce zai biya kai tsaye. Tarkon ya koma wurin biya.

Alat na bogi shi ne mafi sauƙi: saƙon tes mai kama da na bankinka, ko hoton rasit. Maganinsa ka buɗe manhajar bankin da kanka ka ga kuɗin sun hau. Ɗan'uwansa shi ne imel da ke cewa daga PayPal yake, wai an biya amma an riƙe kuɗin sai ka turo lambar shaidar aika kaya, ko sai ka biya wani abu don a ɗaga darajar asusunka. Shiga asusun da kanka. Abin da ba ka gani a ciki ba, babu shi.

Sai biyan da ya wuce kima. Kun yi ciniki a dubu ɗari huɗu, sai ya turo shaidar dubu ɗari bakwai, ya ce yaronsa ne ya yi kuskure, ko kuma rarar ta mai ɗaukar kaya ce, ka taimaka ka tura masa. In da cek na ƙasar waje ne, banki na iya nuna kuɗin a asusunka sannan bayan makonni cek ɗin ya dawo babu komai, a cire daga wurinka. In kuma taransifa ce ta gaske, mai yiwuwa daga asusun wani da aka yi wa kutse ta fito. Mai asusun ya kai ƙara, banki ya rufe naka, kai da ka karɓi kuɗin sata ka tura gaba kai ne za ka yi bayani. Saboda haka sunan da ke kan asusun da ya biya dole ya zama sunan wanda kake ciniki da shi. In rara ta shigo, kada ka tura ta ko'ina da hannunka. Ka sanar da bankinka a rubuce su mayar inda ta fito.

Na ƙarshe shi ne mahaɗin "karɓi kuɗinka", wanda ke buɗe shafi mai kama da na kamfanin aika kaya ko na wani amintaccen mai riƙon kuɗi a tsakani, ya nemi lambar katinka da lambobi ukun bayansa da `OTP`. Mai turo maka kuɗi lambar asusu da sunan banki kawai yake buƙata. Ba ya buƙatar kati, ko `PIN`, ko `BVN`. Kuma in za a sa mai riƙon kuɗi a tsakani, kada ya zama wanda mai sayen ya kawo.

Mataki na 6: Miƙa kaya da shaida

In a gari ɗaya kuke, ku haɗu da rana a wurin jama'a, shagon dillalin da ka sani ko harabar banki, ka tafi da wani. Kada ka kira baƙo gida ya ga sauran abin da ke ɗaki. In aikawa za ka yi, kai za ka zaɓi kamfanin, ba "wakilin" da zai zo da babur ya karɓa ba. Ɗauki bidiyo tun daga auna kayan har rufe kwalin, a ga nauyi a ga kowane tabo, saboda akwai masu karɓar na gaske su ce jabu ka aiko, su dawo maka da na ƙarya su nemi kuɗinsu. Hotunan da kake ɗorawa kuma ka rubuta sunanka a tsakiyarsu, kuma in kana da takarda ta gaskiya ka rufe wani sashe na lambarta. Wasu masu "saye" ba abin da suke so sai hotuna masu kyau da kwafin takardarka, su je su damfari wani da su.

Mataki na 7: In kuɗi sun riga sun fita

Daina biya nan take, ko da an ce saura mataki ɗaya. Kira bankinka a wannan sa'ar, ba gobe ba, ka ba su lambar asusun da ka tura wa da lokaci da adadi, ka nemi su tuntuɓi bankin da ya karɓa a tsare kuɗin. Masu wannan aiki na kwashewa cikin mintuna, don haka saurin kira ne ke bambanta wanda ya samu wani abu da wanda bai samu ba. In ka ba da bayanan kati, a toshe shi. Kada ka goge hirar don haushi ko kunya. Ɗauki hoton kowane saƙo, da lambobin waya, da rasit, da takardun jabun, ka kai wa EFCC ko sashen 'yan sanda mai kula da laifukan intanet, ka kuma kai rahoton shafin ga dandalin da kuka haɗu.

Bayan 'yan kwanaki wataƙila wani ya kira ka, ya ce shi lauya ne ko jami'in wata hukuma, sun kama waɗanda suka cuce ka, kuɗinka na nan, sai dai ka biya kuɗin buɗe fayil. Mutanen farko ne suka dawo, ko waɗanda suka sayar wa lambarka. Ka ajiye lambar da ya kira da ita da asusun da ya ba ka, ka haɗa su cikin ƙarar da ka shigar.